Yadda ake nazarin labarin kasuwanci da SWOT har a kai ga yanke shawara

Ɗalibanmu na Dang da Marwa da Garwa, har da wasu daga Njamena, suna yawan kawo mini tambaya iri ɗaya. An ba su labarin wani kamfani su yi nazari, sun zana akwati huɗu na SWOT sun cika kowanne da layi biyar ko shida, amma takarda ta dawo da maki kaɗan, malami ya rubuta a gefe cewa jeri kawai suka yi. Suna son sanin abin da ya rage. Ga yadda nake yi, da yadda nake koyarwa, daki-daki. SWOT ɗin dai shi ne wanda masu karatu da Faransanci suka sani da FFOM: ƙarfi, rauni, dama da barazana.

Labari ɗaya za mu bi har ƙarshe. Ni na tsara shi don atisaye, alƙaluman cikinsa na misali ne, kada wani ya ɗauke su farashin kasuwar yau. Wani Alhaji ne mai sana'ar kilishi a Ngaundare, yana sayarwa kusa da tashar jirgin ƙasa ga matafiya masu zuwa Yawunde. Da rani yana yin kilo 60 a mako kuma duk yana ƙarewa. Da damina shanya ba ta yiwuwa sosai, sai ya koma kilo 25. Kilo ɗaya na kilishi yana cin tsoka kilo biyu da rabi, kowane kilon tsoka sefa 2,800. Labu da itace da ladan yara suna cin 2,000. Yana sayar da kilo 12,000. Jarinsa na hannu 1,200,000, kuma mahaucinsa yana ɗaga masa ƙafa mako ɗaya. Sai wani babban kanti a Yawunde ya nemi ya riƙa kawo masa kilo 40 kowane mako, rani da damina, a kan 13,500, cikin leda mai like da tambari, biya bayan kwana 30, farashi ba ya canzawa tsawon shekara.

1. Tanadi kayan aiki

Kwafin labarin a takarda wanda za ka iya yi wa zane, biro kala biyu, farar takarda uku, da kalkuletar waya. Kuɗin bai wuce na hoton takarda ba. Lokaci ne abin kashewa: ga labari mai shafi huɗu zuwa shida ka ware awa uku, kuma fiye da rabinsu a mataki na 5 da na 6 za su tafi. Idan a zauren jarrabawa ne, raba lokacin da aka ba ka a kan wannan ma'auni.

2. Nemo shawarar da ake jira

Karanta labarin sau ɗaya ba tare da biro a hannu ba. Ajiye shi, ka rubuta jimla ɗaya a saman takarda ta farko: wane ne zai yanke shawara, a kan me, kuma zuwa yaushe. A namu: Alhaji zai karɓi kwangilar kantin Yawunde, ko zai ƙi, ko akwai hanya ta uku?

Wannan jimla ita ce rariyar da za ka tace komai da ita. Mai jeri yakan tsallake ta, sai ya yi SWOT na kamfanin baki ɗaya, kamar mai ba da tarihin gida. Amma abu ɗaya yana iya zama ƙarfi a wata shawara ya zama ba komai a wata. Rumfar Alhaji a bakin tasha babban ƙarfi ce idan maganar sayar wa matafiya ake yi. Mai saye a kanti a Yawunde kuwa bai san inda rumfar take ba, kuma bai damu ba.

Gargaɗi: idan labarin bai fito da tambayar fili ba, duba sakin layi na ƙarshe da kuma duk inda mai kasuwancin ya nuna damuwa. Yawanci a nan take. Kada ka fara mataki na gaba sai jimlar ta zauna.

3. Ware abin da aka tabbatar daga abin da aka faɗa

Karanta a karo na biyu. Da biro ɗaya ja layi ƙarƙashin duk abin da yake da adadi, kwanan wata, ko wani abu da ya faru. Da ɗaya biron ja layi ƙarƙashin ra'ayi. “Kilishinmu ya fi na kowa daɗi” maganar Alhaji ce, kuma babu mai kilishin da ba ya faɗin haka. “Rabin cinikinsa daga mutanen da suke bugo waya tun kafin su iso tasha ne, su biya ta Orange Money” kuwa abu ne da za a iya ƙirgawa. Maganar masu bugo wayar ce za ta shiga nazarinka, ita ce kuma shaidar daɗin da Alhaji ya faɗa.

A nan ne kuma za ka yi lissafin da labarin bai yi maka ba. Tsoka kilo biyu da rabi a kan 2,800 ta kama 7,000. Haɗa da 2,000, kilo ɗaya ya tsaya masa a 9,000, ribarsa a tasha 3,000. Labarin ya ce leda da tambari za su ci 600 a kilo, kuɗin aikawa 400. Ke nan kilon Yawunde ya tsaya a 10,000, riba 3,500. Rubuta waɗannan a takarda ta biyu, za mu dawo musu.

4. Zuba cikin akwati huɗu, da tambaya ɗaya a bakin kowanne

Kuskuren da na fi gani shi ne cakuɗa na ciki da na waje. Gwajin mai sauƙi ne: abin nan, Alhaji zai iya canza shi da shawararsa? Idan zai iya, na ciki ne, ƙarfi ko rauni. Idan zai wanzu ko Alhaji yana nan ko ba ya nan, na waje ne, dama ko barazana. Damina mai tsawo ta Adamawa, wadda takan kama tun wajen Afrilu har Oktoba, ta waje ce. Dogaron da ya yi da rana wajen shanya na ciki ne. Ɗalibai da yawa suna rubuta “damina” a rauni, daga nan sai su rasa abin da za su ba da shawara a kai, tunda ba wanda zai hana ruwa sauka.

Kuskure na biyu shi ne rubuta shiri a akwatin dama. “Sayen injin busarwa” abu ne da Alhaji zai yi, don haka wurinsa na can gaba cikin zaɓuɓɓuka. Damar ita ce matafiyan da suke zuwa da damina su tarar kilishi ya ƙare.

Ƙarfi kuma sai an gwada shi da na maƙwabta. Samun naman shanun Adamawa mai kyau gaskiya ne, amma duk mai kilishi a garin daga kasuwa ɗaya yake saye. Abin da kowa yake da shi ba ya bambanta ka da kowa. Soke shi, ko ka ambace shi a matsayin yanayin sana'ar.

Kowane abu ka rubuta shi jimla cikakkiya mai ɗauke da shaida. Maimakon “ƙarancin jari”, rubuta “jarinsa 1,200,000 ne, kuma ya saba kuɗinsa su dawo a ranar da ya sayar”. Kada ka wuce uku a akwati. Na san wannan yana yi wa ɗalibi nauyi, don yana ganin yawan layi ne yawan maki. Sai dai zaɓen ukun shi kansa aiki ne da mai dubawa yake nema ya gani. A labarinmu abin da ya tsira ke nan. Ƙarfi: masu bugo waya da suka kai rabin ciniki, da bashin mako ɗaya daga mahauci. Rauni: shanyar rana da ke karya aiki daga 60 zuwa 25, jarin da bai saba jira ba, da kuma cewa Alhaji da ɗansa ɗaya ne kawai suka iya yankan tsoka falle-falle yadda ake so. Dama: tayin kantin, da cinikin damina da ke kuɓucewa. Barazana: hawan farashin nama, da sauran masu kilishi da ke zaune a tasha suna jiran duk wanda Alhaji bai sallama ba.

Wanda ya tsaya a nan, jeri ya yi, ko da jerin nasa mai kyau ne.

5. Haɗa akwati da akwati

Ɗauki takarda ta uku. Abin da za ka yi shi ne ɗauko abu ɗaya na ciki ka gama shi da abu ɗaya na waje, ka tambayi kanka me haɗuwarsu ta haifar. Wannan ne littattafai suke kira TOWS. Haɗi huɗu ne: ƙarfi da dama, rauni da dama, ƙarfi da barazana, rauni da barazana. Ba dole ne kowane haɗi ya ba da wani abu ba, kuma ba dole su zo daidai da juna ba. Inda ka ga ya yi tsoka, nan za ka daɗe.

Fara da rauni da dama, don a nan ne labarai da yawa suke ɓoye tarkonsu. Kanti yana son kilo 40 kowane mako. Da damina Alhaji yana yin 25. Ko da ya rufe rumfarsa ya tura komai Yawunde, saura kilo 15 ba su cika ba, kuma haka za a yi ta yi wajen wata bakwai. Tun daga nan mun san ba zai iya cika alkawarin yadda aka kawo shi ba.

Sai jari. Kilo 40 a kan 10,000 shi ne 400,000 kowane mako. Kafin kwana 30 su cika a biya shi kuɗin kayan farko, ya aika sau huɗu, na biyar ma ya kama hanya. Wato tsakanin 1,600,000 da 2,000,000 za su kwanta a hannun wani. Jarinsa 1,200,000. Ɗaga ƙafar mahauci a kan tsoka kilo 100 ta kama 280,000. Duka biyun 1,480,000, ba su kai ko ƙaramin adadin ba, ga shi ba a bar ko sisi na tafiyar da rumfa ba. Ka lura da yadda “ƙarancin jari”, wanda a jeri kalma biyu ce da ba ta ce komai ba, ya zama giɓi mai adadi da lokacin da zai buɗe: mako na huɗu.

Akwai kuma abin da ɗalibai suka fi mantawa, kuma shi ne ya fi ba ni takaici idan na ga an tsallake. Ribar 3,500 sau 40 ta ba da 140,000 a mako, sai ɗalibi ya rubuta ta a matsayin abin da kwangilar za ta kawo. Amma labarin ya ce kilo 60 na rani duk suna ƙarewa a tasha. Duk kilon da ya tafi Yawunde daga rumfa aka cire shi, inda da ma zai kawo 3,000. Ƙarin da aka samu 500 ne kacal a kilo, wato 20,000 a mako. Saboda 20,000 ne Alhaji zai kwantar da kuɗin da suka fi jarinsa. Duk lokacin da labari ya nuna kamfani yana sayar da duk abin da yake iya yi, tambayi kanka sabon cinikin daga ina kayansa za su fito.

Yanzu rauni da barazana. Nama yakan hau, musamman idan bukukuwa sun matso ko shanu sun yi ƙaranci a kasuwa. A ce tsoka ta tashi daga 2,800 zuwa 3,200. Ƙarin 400 sau biyu da rabi ya zama 1,000 a kowane kilon kilishi. A tasha Alhaji zai iya ƙara kuɗi ko ya rage girman falle, masu saye sun saba da haka. A kwangila farashi a ɗaure yake, riba ta sauka zuwa 2,500. Kuma matafiyan da za su zo su tarar kayansa sun tafi Yawunde, rumfar gaba za su matsa. Kowa ya ɗanɗana na maƙwabci sau uku, da wuya ya sake bugo waya.

Ƙarfi da dama ya fi daɗin yi. Masu bugo wayar nan, da yawansu a Yawunde suke zaune ko can suke zuwa. Suna biya kafin su karɓa, suna karɓa a takardar da aka saba naɗewa, ba ruwansu da tambari. Idan Alhaji yana son kasuwar Yawunde, ga ƙofa da ba ta neman ya jira kwana 30: ya riƙa aika musu saƙo ta jirgi ko ta motocin safa, su biya kuɗin aikawa. Wannan zaɓi babu shi a cikin labarin, haɗin ne ya fito da shi.

Ƙarfi da barazana a nan bai ba da abu mai yawa ba. Amincin da ke tsakaninsa da mahauci zai iya sa a sanar da shi kafin farashi ya hau. Layi ɗaya ya isa, a wuce.

Gargaɗi: kada ka haɗa abu da abu don kawai a cika gurbi. Idan ba za ka iya ƙarasa jimlar da “saboda haka” ba, haɗin bai haifi komai ba.

6. Auna, ka fitar da zaɓi

Wasu malamai suna son a ba kowane abu maki daga 1 zuwa 5 a tara. Idan an nema, yi. Amma ka sani makin daga kanka ya fito, kuma tara shi ba ya mayar da shi hujja. Inda labari ya ba da alƙaluma, auna da kuɗi da lokaci. Inda bai ba da ba, tambaya biyu sun wadatar: idan abin ya faru yaya girman ɓarnarsa, kuma yaya kusancinsa?

Da ka duba takarda ta uku za ka ga rauni ɗaya yana ta dawowa a kusan kowane haɗi: shanyar rana. Ita ta hana cika kilo 40, ita take sa a rasa cinikin damina, ita take tura masu saye wurin maƙwabta. Abin da ya fi yawan dawowa shi ne tushen matsalar, kuma shawararka a kansa za ta tsaya.

Labarin ya ambaci injin busarwa na 900,000 wanda zai ɗaga aikin damina daga 25 zuwa 55, da kuɗin makamashi 500 a kan kowane kilon da ya bi ta cikinsa. Ƙarin kilo 30 ke nan a mako, ribar kowanne 2,500, jimla 75,000. Raba 900,000 da 75,000, mako 12. Damina ɗaya ta isa ya mayar da kuɗinsa har da saura. Ajiye wannan kusa da 20,000 na kwangila, ka ga bambanci.

Zaɓi uku ke nan a gabanmu: karɓar kwangila yadda take, ƙin ta a zauna yadda ake, ko sayen inji tukuna sannan a koma wa kanti da tayi ƙarami. Kowanne ka rubuta abin da zai ci, abin da zai kawo, da abin da zai iya rushe shi. Har da wanda ka fi so. Lissafin mako 12 ya dogara ne a kan cewa tasha za ta shanye kilo 55 da damina kamar yadda take shanye 60 da rani, kuma labarin bai tabbatar da haka ba, ya dai ce kaya suna ƙarewa da wuri. Faɗi wannan a fili. Idan rabin ƙarin kawai aka sayar, mako 12 ya koma 24, har yanzu cikin damina ɗaya, amma da ƙyar. Akwai kuma maganar ɗanɗano: kilishin inji zai iya bambanta da na rana, kuma masu bugo waya su ne farkon da za su gane. Don haka a gwada da kaɗan kafin a sa kuɗi.

Gargaɗi: kada ka ƙirƙiro adadin da labari bai ba ka ba ka rubuta shi kamar tabbatacce. Idan dole ka ɗauka, rubuta “na ɗauka cewa”, ka nuna abin da zai canza idan ɗaukar ta kuskure.

7. Rubuta, shawara a gaba

Abin da ka yi a takardu uku ba shi za ka miƙa ba. Juya tsarin: sakin layi na farko ya ɗauki shawarar, sauran su kare ta. Ga yadda namu zai fara: “Kada Alhaji ya karɓi kwangilar yadda aka kawo ta, domin da damina ba zai iya cika kilo 40 ba, kuma za ta kwantar da aƙalla 1,600,000 don ƙarin ribar 20,000 a mako. Ya sayi injin busarwa a watan Maris kafin ruwa ya sauka, ya fara aika wa masu bugo waya kai tsaye, sannan idan kuɗin inji sun dawo wajen Yuli, ya nemi kanti ya karɓi kilo 15 a mako na wata uku, biya bayan kwana 15, da sharaɗin sake duba farashi idan nama ya hau.”

Kilo 15 a kan 10,000 shi ne 150,000 a mako, kuma da biyan kwana 15 abin da zai kwanta bai wuce 450,000 ba. Gwajin kuma zai faɗo a tsakiyar damina, lokacin da ya fi wuya, don haka abin da aka gani a cikinsa abin dogaro ne.

Teburin akwati huɗu ya zo bayan wannan, ƙarami, don mai karatu ya ga inda hujjojin suka fito. Bayansa haɗe-haɗen da suka yi nauyi, a rubuce cikin sakin layi, kowanne da lissafinsa. Sannan zaɓin da ka ƙi da dalilin ƙin su. Daga ƙarshe abubuwan da dole a yi kafin a aika ko kilo ɗaya: kanti zai nemi rasit, rasit kuma yana buƙatar rajista da lambar haraji ta NIU, sannan dole a koya wa mutum na uku yanka, don idan Alhaji ko ɗansa ya kwanta ciwo mako ɗaya, alkawari ya karye.

8. Duba kafin ka miƙa

Gwaji biyu nake sa ɗalibaina su yi. Na farko, rufe sunan kasuwancin da yatsa ka karanta kowane layi. Idan zai dace da mai shagon yadi a Kusiri ko mai sayar da albasa a Marwa ba tare da an canza komai ba, kamar “gasa mai tsanani” ko “ma'aikata masu ƙwazo”, soke shi ko ka ɗaura masa shaida daga labarin. Na biyu, bi kowane abu da ke cikin akwatunan ka nemi inda ya sake fitowa a cikin hujja ko shawara. Wanda ya bayyana a tebur kaɗai bai yi aikin komai ba, fitar da shi. Haka nan ta ɗaya gefen: idan a shawararka akwai abin da ba za ka iya nuna akwatin da ya fito ba, kamar ka ce Alhaji ya buɗe reshe a Duwala, koma mataki na 5 ka nemo haɗin da ya haife shi, idan babu ka cire.